Da Hausa na rubuta, na'ura ta mayar Turanci

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na nazarin zamantakewa ya ba mu aikin gida mai maki 20: kowa ya rubuta shafi huɗu kan wata hanya da jama'a ke taimakon juna ba tare da hannun gwamnati ba. Ni na zaɓi adashe, domin a gidanmu na tashi ina ganinsa. Innata ita ce uwar adashen matan layinmu, su goma, kowacce na zubin naira 2,000 duk Juma'a, mai kwasa ta tafi da 20,000.

Abin da zan faɗa yana cike da kaina, amma da na zauna rubutawa da Turanci sai na kwana biyu a sakin layi ɗaya. Daga ƙarshe na ɗauki littafina na rubuta komai da Hausa cikin dare guda. Kashegari na buga a waya, na zuba a manhajar fassara, ta ba ni Turanci sumul. Na karanta sau ɗaya, na gyara wuraren da suka ba ni dariya. Kalmar zubi ta fassara ta kamar ruwa ake zubawa, uwar adashe kuma ta koma mahaifiyar wani mai suna Adashe. Na miƙa aikin ina jin daɗi.

Bayan mako biyu wakilin aji ya ce Malam na nemana a ofis.

Na tarar da rahoto a allon kwamfutarsa mai lamba biyu. Ta farko kashi 6 cikin ɗari, ta biyu kashi 74. A ranar na fahimci ba abu ɗaya suke aunawa ba, kuma na lura ɗalibai da yawa na cakuɗa su. Lambar farko ta kamanceceniya ce: manhajar na gwada jimlolinka da littattafai da maƙaloli da ayyukan ɗaliban da ke rumbunta, ta nuna inda suka yi daidai. Wannan ana iya buɗewa a ga tushen da ido. Lamba ta biyu hasashe ce kawai cewa na'ura ce ta ƙirƙiri rubutun, babu wani tushe da za a nuna maka.

Hasashen yana dogara ne da yadda kalmomi ke bin juna. Na'urar da ke rubutu takan zaɓi kalmar da aka fi tsammani bayan wadda ta gabata, jimlolinta kuma kan zo kusan tsawo ɗaya. Mutum yakan kauce, ya kawo kalmar da ba a zata ba, ya yi doguwar jimla sannan ya datse ta gaba. Manhajar fassara ita ma kalmar da ta fi dacewa da tsammani take ɗauka. Saboda haka tunanin nawa ne, labarin Inna nawa ne, amma kowace kalmar Turanci a shafi huɗun nan zaɓin na'ura ce. Mai binciken bai san Inna ba, kalmomin kawai yake gani.

Kuma ba ya rasa kuskure. A shekarar 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajoji 7 irin wannan da rubuce-rubuce 91 na jarrabawar TOEFL, waɗanda mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka rubuta da kansu. A matsakaici, fiye da rabi aka ce na'ura ce ta yi, saboda mai koyon harshe yakan tsaya kan kalmomin da ya saba da su. A watan Yulin shekarar, kamfanin OpenAI ya janye tasa manhajar binciken saboda ƙarancin daidaito, Jami'ar Vanderbilt kuma ta kashe irin wannan bincike a watan Agusta. Ma'ana ko da hannuna na rubuta Turancin, ana iya kama ni. Sai dai ban isa in fake da wannan ba, tunda ba ni na rubuta shi ba.

"Ke kika rubuta wannan?" in ji Malam.

Na ce, "Malam, ni na rubuta, amma da Hausa." Na ciro littafin daga jaka, da shafukan da na soke na sake, da kwanan watan da na saba sa wa a sama. Ya karanta shiru na wajen minti biyar. Sai ya rufe ya tambaye ni me ake yi idan wadda ta riga ta kwasa ta daina zubi. Na ba shi amsa: uwar adashe ke cikewa daga aljihunta, shi ya sa Inna ba ta ba sabuwar shiga kwasar farko. Ya gyaɗa kai, ya ce lambar 74 ba ta dame shi ba yanzu.

Abin da ya dame shi yana shafi na biyu. Akwai sakin layin da ke bayanin yadda amana ke tsayawa a matsayin jingina a tsakanin marasa kadara. Ya ce, "Wannan fa?" Gabana ya faɗi. A ɗakin karatu na karanta shi cikin wani littafin Turanci, na juya shi Hausa a bayanaina don in gane, ban rubuta sunan littafin a gefe ba. Da na zo rubutu sai ya shige cikin nawa. Na'ura ta mayar da shi Turanci da wasu kalmomi daban, don haka lambar kamanceceniya ba ta gan shi ba. Malam ne ya gane shi, don ya san littafin. Tunanin wani ba tare da ambaton mai shi ba satar fasaha ce, ko ya ratsa harshe nawa.

Na tambaye shi ko fassarar na'urar ita kanta laifi ce. Ya ce kundin dokokin ɗalibai ya hana gabatar da aikin da ba naka ba da karɓar taimakon da ba a amince da shi ba, amma bai ambaci fassara ba. Saboda haka abin ya danganta da abin da darasin ke aunawa. Da a GST 111 ne, inda Turancin kansa ake gwadawa, da sifili zai ba ni babu muhawara. A darasinsa fahimtar al'umma yake nema, don haka zai iya yarda, da sharaɗin a tambaye shi kafin a yi, a kuma rubuta a ƙarshen aikin. Wani malamin a sashen, in ji shi, ba zai yarda ba ko kaɗan, kuma yana da hujja, domin ranar jarrabawa babu waya.

Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Ɗalibin da ya yi makarantar kuɗi tun daga nazare yana rubuta shafi huɗu a zama ɗaya, ni kuwa sai a dare na uku. Amma ban tambaya ba kafin in yi, kuma na san dalilin da ya sa ban tambaya ba: tsoron a ce a'a.

Ya ba ni kwana biyar in sake, ya ce zai cire maki 5 saboda sakin layin nan. Wannan karon na ajiye Hausar a gefe ina fassarawa da kaina jimla bayan jimla, a Google Docs, domin tarihin gyare-gyaren ya nuna ranar da na rubuta kowane sashe. Kalma ɗaiɗai kawai na duba a ƙamus. Adashe da zubi da kwasa na bar su da Hausa na yi musu bayani, littafin kuma na koma ɗakin karatu na nemo sunansa da shafin. Turancin bai yi santsin na farko ba, har ya ja jan biro ƙarƙashin jimloli bakwai. Na samu 11 cikin 20.