Takardar da na rubuta wa dilana ta neman kaya bashi

1/ Masu sana'a a hostel, ku matso. Idan kun shekara kuna sari wajen mutum ɗaya kuna biya nan take, kuna da hujjar neman kaya bashi. Ga yadda na yi da Alhajin da nake sarin indomi da taliya a shagonsa a Kasuwar Singa, Kano.

2/ Da baki na fara yi masa maganar, takarda ta biyo baya. Alhaji ba kullum yake shago ba, yaronsa mai riƙe littafi kuwa ba zai saki katan ɗaya a kan "mun yi magana" ba.

3/ Kafin in rubuta sai da na tattara rasit. A wata 12 na yi sari sau 18, katan 10 duk mako biyu, in ban da lokacin hutu. Na haɗa kwafinsu da takardar.

4/ Ga gundarinta:
"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ina roƙon a riƙa ba ni katan 5 bashi cikin 10 da nake ɗauka, sauran in biya nan take. Zan biya cikin kwana 14, a farashin ranar da na ɗauka. Ba zan ɗauki sabo ba sai na biya tsohon. Kawuna mai shago a layinku ya yarda ya tsaya mini."

5/ Lissafin shi ne: katan 10 kan ƙare mini cikin kamar kwana 12, ke nan kuɗin katan 5 na shigowa wajen kwana na 6. Sauran kwanakin na 'yan "zan turo maka anjima" ne, duk mun san su. Da na nemi duka 10, ɗalibi uku su riƙe mini kuɗi, shi ke nan na saɓa alkawari.

6/ Maganar "farashin ranar da na ɗauka" ita ce ta fi muhimmanci a wajena. Kaya na iya tashi cikin mako biyu. Ka sayar a tsohon farashi, ka je biya a ce maka sabo ne, ribarka ta tafi. Ku kuma tambaya ko farashin bashi daidai yake da na kuɗi hannu, don wasu na ɗora wani abu.

7/ Na ƙara layi ɗaya: zan daina karɓar bashi mako biyu kafin a gama jarrabawa. Hostel na watsewa, ciniki ya mutu, bashi kuwa bai san hutu ba.

8/ Amsarsa? Ya kira kawu tukuna, sannan ya ce katan 3, kwana 10. Na karɓa ban yi ciniki ba. Ya ce in na biya sau huɗu a kan lokaci, mu sake zama a kan 5 ɗin. Na biya biyu, na uku ranar Asabar ne in sha Allah.