Shafukan da na hana wa na'ura

Litinin, Gusau

Wani dattijo daga Tsafe ya aiko jikansa shagona da jakar takardun ƙungiyar gama-kai ta manoman auduga, wadda ya yi wa ma'aji tun yana saurayi. Takardun na 1971 zuwa 1974 ne, zamanin da Gusau da Tsafe da Bungudu ke ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma, ana karɓar umarni daga Sakkwato. Yana so a mayar da su cikin kwamfuta kafin gara ta ƙarasa su. Shafi 62 ne.

Ban kunna sikana ba sai da na baje su a kan tabarma na kasa su kashi-kashi. Shafi 48 bugun ɗab'i ne da bugun tafireta na sama, baƙi ƙirin a kan farar takarda. Tara kwafin kabon ne, wasunsu na biyu ko na uku a jerin, haruffan sun yi kauri sun dushe. Huɗu jadawalin kuɗi ne. Ɗaya wasiƙa ce da ajami. Kashi na farko babu wata shawara a kansa, aikin manhajar OCR ne, wadda ke karanta hoton shafi ta fitar da rubutun. Sauran sha huɗun su ne abin tunani.

Talata, Gusau

Na ɗauki hoton duka a 300 dpi, na bi su da Tesseract:

```
tesseract shafi07.png shafi07 -l eng --psm 6
```

Na sa `eng` domin tarin harsunan da ke zuwa da manhajar babu Hausa a ciki, kuma kundin Ingilishi bai san ɓ da ɗ da ƙ ba. Duk inda ya gamu da su sai ya ba da b da d da k, wani lokaci ya ba da 6 a maimakon ɓ.

Yaron da ke koyon aiki a wurina ya ga rubutu ya cika allo, ya ce, “Oga, ai an gama, saura ɗan gyara.” Na ce ya kawo agogo mu auna.

Muka ɗauki shafin kabon ɗaya, mai kalma kusan 300, wato haruffa kamar 1,600 a layi 40. Na buga shi da hannu daga farko, ina tsayawa in ƙura ido inda ya dushe: minti 12. Na karanta abin da na buga ina gwada shi da asali: minti 5. Jimla 17. Sai gyaran abin da na'ura ta fitar. Karanta shi kaɗai ana gwadawa da asali yana cin minti 7, domin ido yana kai-komo tsakanin takarda da allo. Kowane kuskure kuma sai an kai alama wurinsa, an goge, an buga, an koma an nemo inda aka tsaya, wanda ke cin kamar daƙiƙa 6. Ke nan in an cire 7 daga 17, minti 10 ne suka rage wa mai gyara, kuma cikin minti 10 kuskure 100 kawai zai iya gyarawa. Da zarar shafi ya haura haka, bugawa da hannu ta fi sauri.

Kuskure 100 cikin haruffa 1,600 kusan shida ne cikin ɗari. Wato na'urar da ta karanta kashi 94 cikin ɗari daidai, wadda kowa zai ce ta yi ƙoƙari, ta riga ta kai gaɓar da ba ta rage wa mai bugu irina aiki. A layi kuwa kuskure biyu da rabi ke nan. Don haka ba sai na ƙirga shafi duka ba: in duba layi goma, in na samu kuskure ya haura 25, in ajiye shafin a kashin hannu. Shafinmu na gwaji ya ba da 41 a layi goma. Wannan ma'auni na hannuna ne. Yaron yana buga rabin abin da nake bugawa a minti, don haka shi gyara zai ci gaba da yi masa riba har shafi ya fi haka lalacewa.

Laraba, Gusau

Babu wuta tun safe, kuma man janareta ya yi tsada, sai na zauna da shafukan kabon da fensir ina nazarin irin kuskuren, domin yawansa kaɗai bai isa yanke hukunci ba.

Akwai kuskure mai ihu. Nahuce ta fito `Nahuoe`, saboda tawadar kabon ta cike bakin c ta mayar da ita o. Kwatarkwashi ta rabu gida biyu. Irin wannan ko mai gyangyaɗi zai gan shi. Wasu ma ana share su gaba ɗaya da `Find and Replace`: duk inda aka ga kudi a takardun nan kuɗi ake nufi, umarni ɗaya ya wadatar.

Wanda ke tayar mini da hankali shi ne kuskuren da ke haifar da kalmar Hausa sahihiya. Ƙasa ta zama kasa, baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa. Ba a iya sauya waɗannan a dunƙule, tunda kowacce tana iya zama daidai a wani layin. A rahoton wani taro na 1972 na'ura ta ba ni: ya bata kudin iri. Ko dai wani ya ɓata kuɗin iri, ko kuwa ya ba ta kuɗin, wato ya miƙa wa ƙungiya. Ɗaya zargi ne, ɗaya shaidar riƙon amana, kuma mutumin yana da jikoki a raye. Mai gyara a allo idonsa yana zamewa a kan irin wannan jimla, domin ta karantu lafiya lau. Mai bugawa da hannu dole kalmar ta bi ta kansa kafin ta kai yatsunsa, a nan yake tsayawa ya tambayi kansa wacce ce.

Da wuta ta dawo da yamma na sa Tesseract ya fitar da `tsv`, mai nuna makin tabbacinsa a kan kowace kalma a ƙarƙashin `conf`. Makin yana da amfani wajen nuna shafin da ya dushe, amma a kan bata bai nuna wata damuwa ba. Siffar haruffa yake aunawa, kuma haruffan nan huɗu sun fito sarai.

Alhamis, Tsafe

Na bi motar safe, domin kowa a nan ya san ba a son yamma ta riski mutum a hanyar Funtuwa. Dutsen Kwatarkwashi ya sha hazo.

Na nuna wa dattijon jimlar jiya. Ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, tafiretarmu ba ta da lanƙwasa. Akawu kan gama bugu ya zare takarda, sa'an nan ya bi ta sama da alƙalami yana sa wa haruffa ƙugiya. Na ƙasa ba ya bi ta kansu.” Ke nan a kwafin kabon babu ƙugiyar ko kaɗan, kuma babu manhajar da za ta karanta abin da ba a rubuta ba. Ya shiga ɗaki ya fito da littafin taro na hannu. A ciki an rubuta ba da ta a rabe: ya ba ta kuɗin iri.

Muka yi shawara a kan yadda za a buga. Na ce zan sa ƙugiya inda ma'ana ta tabbata, inda kuwa littafin hannu ne ya warware, in sa alama a gefe in faɗi daga inda na samo. Ya ce, “Haka ya yi, Allah shi yi albarka.”

Wasiƙar ajami ba ta ɗauke mu lokaci ba. Rubutun hannu ne irin na allo, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, ga wasulla ko'ina. Manhajar Larabci da aka horar da bugun ɗab'i na gabas ba za ta fitar da abin kirki ba. Wani malami maƙwabcinsa ya karanta, ni kuma na rubuta da boko.

Juma'a, Gusau

Bayan masallaci na buga shafukan kabon biyar. A `Word` nakan buga `0199` in danna `Alt+X` ya zama ƙ, `0257` ya zama ɗ, `0253` ya zama ɓ, amma wannan yana rage gudu. Na fi son in riƙa buga k' da d' da b' ina tafiya, in na gama in sauya su gaba ɗaya. Ba na buɗe abin da na'ura ta fitar a gefe, don kada idona ya ari kuskurenta.

Asabar, Bungudu

Jadawalin kuɗi ban ma auna su da agogo ba. A jimlar magana, kalmomin gefe suna tona kuskure. Lamba ba ta da maƙwabcin da zai tona ta: 11 da 17 duk suna zama daram a gurbinsu. Ga shi tafiretar ba ta da maɓallin 1, da ƙaramar l akawu ke buga shi, kamar yawancin tafiretocin wancan zamani. Layukan jadawalin da aka ja da rula su ma na'ura ta mayar da wasunsu 1, ta kuma ture wasu lambobi zuwa gurbin da ba nasu ba.

Na zo wurin tsohon magatakardan reshen Bungudu domin shafi biyu na fam da sule da kwabo ne, kafin naira ta shigo ranar 1 ga Janairu, 1973. Kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Ni na buga, shi yana karanta asali da ƙarfi, sa'an nan muka tara kowane layi. Ga ɗaya: £4 17s 6d da £2 8s 9d. Kwabo 6 da 9 sun zama 15, wato sule ɗaya da kwabo 3. Sule 17 da 8 da ɗayan nan sun zama 26, wato fam ɗaya da sule 6. Jimla £7 6s 3d, daidai da abin da akawu ya rubuta a ƙasa. Na'ura ta karanta 17 a matsayin 11, wanda zai ba da £7 0s 3d. Wanda bai tara ba zai bar sule shida su salwanta a tarihin ƙungiya.

Hannu ma yana kuskure, amma nasa yana da kama. Ya fi yawan juya lambobi, 54 ta zama 45. A shafukan naira, in bambancin jimlata da ta akawu ya rabu da 9 ba saura, juyin lamba nake fara nema. Magatakardan ya ce da haka aka koya musu gano kuskure a littafin kuɗi.

Sunayen manoma ma haka muka yi musu, yana karantawa ina bi da yatsa, saboda suna bai da ƙamus ɗin da za a duba. Wasu ya gane su ne domin ya san gidajensu.

Lahadi, Gusau

Na ƙarasa kabon huɗun da suka rage. Biyu daga cikinsu sun ba da kuskure ƙasa da 25 a layi goma, a lissafin agogo gyara ya fi sauri. Duk da haka na buga su da hannu, domin suna ɗauke da bashin da ake bin mutane da sunayensu, kuma abin da zan tsira da shi bai wuce minti uku ko huɗu a shafi ba.

Shafuka 48 masu tsabta na bar wa yaron ya gyara a allo, da jerin kalmomin da zai tsaya a kansu duk inda ya gan su: kasa, baki, bata, kafa, kari. Sha huɗun kuwa duka da hannu aka yi su, kuma gobe jikan dattijon zai zo ya karɓi jakar.