Yadda “na taimaka wajen” ta jawo min asarar aiki

1/ Bara na je intabiyu a wata ƙungiya mai aikin lafiya. Matar da ke tambayoyi ta duba takardata ta ce, “Kin rubuta ke ce da alhakin ma'ajiyar magani. To, me kike yi idan kin shiga da safe?” Wallahi sai na kama kame-kame. Ba su sake kirana ba.

2/ Abin haushin, na yi aikin. Shekara guda na yi bautar ƙasa a wani ƙaramin asibiti. Amma layi biyu kawai na rubuta a Turance, ma'anarsu: “ni ke da alhakin ma'ajiyar magani” da “na taimaka wajen rigakafi”.

3/ Na kai wa Yayata kuka. Ta ce, “Alhaki abin da aka ɗora miki ne, bai nuna kin sauke ba. Wanda ya yi ta barci a ma'ajiyar ma zai iya rubuta haka.” Ta sa na faɗi abin da hannuna ya yi ranar Litinin.

4/ Na lissafa. Ina ƙirga magani kowane mako. Ina rubuta shige da fice a kati. Ina jawo wanda wa'adinsa ya kusa ƙarewa gaba, don a fara bayar da shi. Ta ce, “Ga kalmominki nan: ƙirga, rubuta, jera.”

5/ Layin ya koma: “Na ƙirga magunguna iri 60 kowane mako, na rubuta shige da ficensu, na sake jera su bisa ranar ƙarewar wa'adi.” Duk wanda ya karanta ya san me zan iya.

6/ Sai daɗi ya kwashe ni. Layi na biyu na mayar da shi “na jagoranci rigakafi”. Yaya ta ce, “Wa ke riƙe da akwatin sanyi? Wa ya raba ma'aikata unguwanni?” Ba ni ba ce. Ni rajista nake cikewa.

7/ Ta ce wannan ya fi na farko haɗari, don waya ɗaya za a buga wa shugaban asibitin asirina ya tonu. Na gyara: “Na yi wa yara rajista a ranakun rigakafi, na haɗa alƙaluman rahoton wata.” Bai kai jagoranci ƙyalli ba, amma nawa ne.

8/ Lamba 60 ɗin ma sai da na duba tsohon littafina. Wadda ban tabbatar ba na cire ta.

9/ Ku buɗe takardarku yau. Duk inda kuka ga “taimaka”, ku tambayi kanku: wane ɓangare ne da ba don ni ba, da ba a yi shi ba? Shi za ku rubuta. Kalmar da ba za ku iya kare ta na minti biyu a gaban mai tambaya ba, ku goge ta.