Kile ɗaya, kwamfutoci huɗu

Ranar da aka sauke kwalin a likitar ƙauyenmu, majo ya aiko yaro ya kira ni. Ni ba malamin lafiya ba ne. Aikin sa kai nake yi, ina rubuta sunaye ranar awon ciki da ranar rigakafi. Amma da yake na taɓa zama a wata sibar a Maradi, duk abin da ke da allo ni ake miƙa wa. Kwamfutocin hannu ne guda huɗu, tsofaffi, wasu masu taimako suka bayar. An goge su tas, ba komai ciki sai Windows 10. Majo ya ce: «Ƙanena, kayen magani ya ishe ni. Wata biyu ke nan maganin masassara na ƙare mana ba mu ankara ba. Za su iya riƙe mana lissafi?»

Na ce za su iya, ba tare da na tuna cewa rezon garinmu ko saƙon murya da ƙyar yake turawa ba.

Ranar kasuwa na shiga mota zuwa Maradi, na sauko da abin da nake so a kile, na dawo da murnata. Na danna Firefox Installer.exe, ya yi ta juyi, sannan ya ce babu intanet. A nan na gane wautata. Fayil ɗin bai kai mega ɗaya ba, ɗan aike ne kawai: aikinsa ya je intanet ya ɗauko ainihin manhajar. Cikakken, wanda sunansa ke farawa da Firefox Setup, ya haura mega 50, kuma komai na cikinsa. Tun daga ranar, kafin in zare kile daga sibar sai na dubi nauyin kowane fayil. Manhaja babba ba ta zuwa da nauyin hoto guda.

Kafin tafiya ta biyu na zauna da takarda na bi injinan ɗaya bayan ɗaya. Uku 64 bit ne, ɗaya 32 bit, kuma abin da aka yi wa 64 ba ya hawa kan 32, don haka LibreOffice iri biyu zan ɗauko, kowane sama da mega 300.

Abin da ya fi cin raina shi ne biyu daga cikinsu ba sa ganin wifi ko kaɗan. Wani zai ce ina ruwanmu da wifi a garin da ba rezo? Ai rahoton ƙarshen wata da salular majo ake tura shi, a kan tudun bayan makaranta, kuma sai kwamfuta ta kama salular. Matsalar ita ce babu direban katin wifi, wato ɗan fayil ɗin da ke koya wa Windows magana da katin. Ga shi kuma ba ka san sunan katin ba, balle ka nemo nasa. Dabarar ita ce a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta:

```
devmgmt.msc
```

A jerin da zai fito, na'urar da ba ta da direba tana ɗauke da alamar ruwan ɗorawa. A buɗe ta, a shiga Détails, a zaɓi lambobin shaidar na'urar. Za a ga layi mai VEN_ da DEV_. Lambobi huɗun bayan VEN_ su ne kamfanin: 8086 Intel ne, 10EC Realtek, 168C Atheros. Na bayan DEV_ kuwa samfurin katin ne. Ɗaya ta nuna 8086, ɗayar 168C. Ashe kamannin jiki kawai suka haɗa. Da na ɗauko direba ɗaya don su biyun, da sai na yi tafiya ta uku.

Wannan karon komai ya hau, cikin yini guda, da wutar faranti mai hasken rana. Sai ta huɗun ta kama salula amma ta ƙi buɗe kowane shafi, tana kukan tsaro. Na kusa sake Windows ɗin gaba ɗaya, ungozomarmu ce ta leƙo ta ce: «Ɗana, wannan agogon nata wace shekara take ciki?» Ƙaramin batirin da ke riƙe agogo ne ya mutu, kwanan wata ya koma shekaru baya, injin da kwanansa bai daidaita ba kuma ba ya yarda da shaidar tsaron shafukan. Kafin mu samu sabon batiri, kowace safiya da hannu ake gyara mata kwana.

Yanzu lissafin magani na cikin Calc: abin da ya shigo, abin da ya fita, saura. Layi na komawa ja idan saura ya gaza na sati biyu. Kilen kuwa na kwafe shi a kan injinan huɗu duka, na ɗaure shi da zare a makullin kabad ɗin magani, na kuma roƙi majo kada ya ara wa kowa don zuba waƙoƙi. Ya riga ya hana mutum biyu, ɗayansu ƙanen matarsa.