Zuwa da kai ko saƙo: neman ganin farfesa a Jamus

A ƙasar Hausa, wanda ke son ganin babban mutum tashi yake ya je da ƙafarsa. Ya tare shi a masallaci bayan La'asar, ko ya zauna a zaure har ya fito, domin zuwa da kai ya fi aike. Yaro ya tura wa dattijo saƙon waya yana yanka masa lokaci, raini ke nan. Ɗalibin da ya ɗauko wannan tarbiyya ya kawo ta jami'ar Jamus zai sha mamaki, don a nan abin da ake ɗauka ladabi shi ne ka bar wa mutum ikon lokacinsa.

A ganina, dalilin bambancin a fili yake. Babban mutum a Kano ko Damagaram yana da wuraren da kowa ya san za a same shi, salloli biyar ma sun raba masa yini. Farfesa a Berlin ba shi da zaure. Abin da yake da shi awa ɗaya ce ko biyu a mako da ya keɓe wa ɗalibai, a rubuce a ƙofar ofishinsa, sau da yawa ma sai an yi rajista tukuna. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa a wajen wannan lokaci ya katse masa aiki ne, ko da niyyarsa girmamawa ce. Saboda haka imel ake fara turawa, gajere: sunanka, abin da kake so, minti nawa zai ci, da ranaku biyu ko uku da zai zaɓa. Lokacin kuma da lamba ake rubuta shi, kamar 14:30. "Bayan Magariba" ba ya aiki a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 a Disamba, a Yuni kuwa sai bayan 9 na dare.

Wani zai ce saƙo nutsewa yake cikin ɗaruruwan saƙonni, mai wuyar samu kuma shi ne wanda ba ya amsawa. Gaskiya ne, musamman a hutun da ke farawa tsakiyar Fabrairu da na tsakiyar Yuli. Amma maganin shirun ba dira ofis ba ne. A jira mako guda, a sake tuni a ƙarƙashin saƙon farko, sannan da safe a buga wa sakatariyarsa waya, wadda galibi ita ke riƙe da jadawalinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, mun saba bi ta hannun na kusa da mai gida. Duk abin da aka tsayar a waya kuwa a bi shi da rubutu, don magana cikin harshen da ba naka ba tana da saurin zamewa.

Zuwa da kai bai mutu ba a Jamus, matsayinsa ne ya koma na ƙarshe. Ɗan'uwa ɗalibi, ka je, amma a awar da aka rubuta a ƙofa, da takardunka a hannu.