Tashin Dare a Garwa

A Garwa asuba ba ta yin nisa da ƙarfe biyar duk shekara. Idan magariba ta faɗi wajen ƙarfe 6:30, alfijir ya keto ƙarfe 5, daren ya kama awa goma da rabi ke nan. In aka raba shi uku, sulusin ƙarshe zai fara ƙarfe 1:30. Amma ni ƙarfe 4 nake tashi, don awa guda ta ishe ni.

Raka'a goma sha ɗaya aka ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Ina yin bibbiyu da sallama, in rufe da wutiri ɗaya. Ranar da na makara, shafa'i da wutiri kaɗai nake samu, kuma ba na raina su.

Watan Maris da Afrilu ne jarrabawa. Zafin kwarin Binuwai kan hana barci har tsakar dare, sai wajen ƙarfe 3 iska ta sanyaya, barci ya yi daɗi. Shi ya sa nake ƙailula bayan azahar, in bar shayi tun la'asar, in rage tuwon dare. Wayar kuwa can kusa da buta nake ajiye ta, yadda ba na iya kashe ƙararrawar sai na miƙe tsaye.