Wasiƙa daga Hambug: Wace Bishiya Za A Saya Bana?

Zuwa ga Yaya,

Ina fata kuna lafiya, ke da Baban yara. Yaya hunturun Maiduguri?

Kin tambaye ni wadda ta fi dacewa da Kirsimetin bana, bishiyar roba ko shuka mai rai, ganin cewa autanki na fama da asma. Bari in faɗa miki yadda abin yake a nan Jamus.

A gidaje da yawa ɗanyar bishiya ake sarowa, wadda suke kira Nordmann, asalinta daga duwatsun Kokasas. Da mita ake sayar da ita, kowace mita ta haura yuro 20. Sai an tsoma gindinta a ruwa ana ƙarawa kullum, duk da haka bayan kamar mako 4 ganyenta ya fara zuba, a Janairu kuma motar shara ta kwashe. Kuɗin shekara guda ke nan, baɗi sai an sayi wata. Masu sayen ta tukunya ma ba sa barinta ta wuce kwana 10 a falo, don ɗumin ɗaki yana kashe ta. To, ina ga zafin Afrilu a Borno?

Game da ƙirji, a Disamba bishiyar ba ta fure, saboda haka ba furenta ke tayar da asma ba. Funfunar da ke maƙale a ɓawonta ce take yaɗuwa idan ta ji ɗumi, ƙaronta kuma yana sa wasu ƙaiƙayi. Alamar ita ce atishawa da tari su fara bayan an shigo da ita, su lafa idan an fitar.

Ta roba sau ɗaya ake biya, ta yi shekaru, ba ruwa ba taki. Aibinta ƙura, kuma kin san hazonmu. Idan kin samo ta a Kasuwar Monday, ki wanke ta a tsakar gida, ta bushe sarai a inuwa, don rana tana sa roba ta riƙa karyewa. Ki riƙa goge ta da jiƙaƙƙen tsumma lokacin da yaron ba ya ɗakin. Bayan biki ki ɗaure ta cikin babbar leda, domin kwali gara da ɓera za su ci.

In kuwa ranki na son mai rai, ki ajiye tukunyar a baranda. Kada ki ƙara mata ruwa sai saman ƙasar ya bushe, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ita ma tana funfuna. Ki guji duk shukar da ke fitar da farin ruwa idan an tsinki ganyenta.

Shawarata dai, ta roba a falo saboda yaron, maganin shaƙarsa kuma ya kasance kusa.

Ki gaida Mama da mutanen coci. Allah Ya kai mu lafiya.

Ƙanwarki,
daga Hambug